Darasina na farko a TP ya watse, ga abin da na rubuta a littafina

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da dare. Yau na tsaya gaban aji karon farko a tichin firaktis, wato TP, koyarwar gwaji da 'yan kwalejin ilimi ke yi, 'yan aji 5 na firamare, lissafi, kuma wallahi abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. A kwaleji an ce mu riƙa rubuta abin da ya faru bayan kowane darasi, to ga nawa na kwafo muku yadda na rubuta shi ban gyara komai ba, don Allah wanda ya san aikin nan ya duba min.

"Talata. Darasi: haɗa firakshin masu lambar ƙasa daban-daban. Minti 35 ne, firiyod ɗin farko bayan an dawo tara. Yara 74 ne a rajista. Kafin su gama shigowa su zauna minti 6 sun tafi, wasu da ragowar awara a hannu. Na kwana ina zana kwalina jiya, da'ira-da'ira na raba su da kala, na manna a allo da salatif ya faɗo sau biyu, ajin ya fashe da dariya, a ƙarshe monita ya riƙe min. Na bayan aji suka ce ba sa gani. Na rubuta 1/2 + 1/3 a allo, na nuna musu yadda ake neman LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da 2 da 3 duk ke raba ta daidai, na samu 6, na fitar da 5/6. Na ce kun gane? Duk suka ce eh malama da ƙarfi. Na sake wani misalin, na sake tambaya, eh malama. Na yi tambaya guda ɗaya, yarinyar gaba ta ɗaga hannu ta amsa daidai, hankalina ya kwanta. Saura minti 9 na ba da aikin aji guda biyu, 1/4 + 1/3 da 1/2 + 1/5. Daga nan surutu ya ɓarke, masu neman aron biro, masu cewa malama ya tsunkule ni, ina ta ɗaga murya har ta dishe. Aka kaɗa ƙararrawa ban yi kammalawa ba. Na karɓi littafi 61. Na duba su a ofishin malamai: a tambaya ta farko yara 43 sun rubuta 2/7, yara 9 sun rubuta 2/12, yara 5 ne kawai suka samu 7/12, 4 sun kwafi tambaya sun bar ta haka. Na ji kamar in yi kuka. Ina ganin ban iya riƙe aji ba, muryata ba ta kai baya, kuma anya koyarwa ta dace da ni kuwa."

Iyakar abin da na rubuta kenan. Alhamis ina da su kuma ban san ta ina zan fara ba.

Auwal: Wa alaikumus salam. Ƙanwata bara na yi nawa TP ɗin, abin da zan faɗa miki gaskiya ce ko da ɗaci, matsalarki riƙe aji ne ba wani abu ba. Yaran gwamnati 74 in ba su ji tsoronki ranar farko ba shikenan kin rasa su har ƙarshen zango. Tun daga faɗuwar kwalin nan da suka yi dariya kika ƙyale su a nan aka gama. Alhamis ki tsaya bakin ƙofa kafin a dawo tara, kowa ya shigo ya gan ki a tsaye, kar ki yi murmushi, ki sa monita ya rubuta sunan masu surutu, ki riƙe bulala ko ba za ki taɓa kowa ba. Sannan ki daina ihu, in kika yi ihu su ma ƙarawa suke, ki yi shiru ki tsaya ki zuba musu ido sai sun yi tsit.

Nafi'u: Subhanallah, maki nawa sufabaiza ya ba ki? In ƙasa da 50 ne ki je ki same shi da wuri ki roƙa ya sake zuwa, don makin TP yana da nauyi a sakamakon NCE, akwai wanda na sani sai da ya maimaita.

Rukayya: Nafi'u ba sufabaiza a ajin, ba su fara zagaye ba tukuna. Malamar ajin ce kawai ta zauna a baya tana cike rajista, da na fito ta ce sannu, haka kowa ya fara, ba ta ƙara komai ba. Yaya Auwal na gode, maganar tsayawa bakin ƙofa zan yi in sha Allah, bulala dai an ja mana kunne a kwaleji kar ɗan TP ya kuskura.

Malam Garba: Rukayya sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru sama da ashirin ina koyar da lissafi a firamare, kuma abin da ya sa na tsaya zan yi dogon rubutu shi ne kin yi abin da 'yan TP da yawa ba sa yi, kin zauna kin ƙirga amsoshin yara kala-kala. Amma ƙarshen rubutunki bai bi ƙirgar ba. Kin kawo 43 da 9 da 5, sai kika rufe da murya da riƙe aji. Duba lokacin da kika ce surutu ya ɓarke, ai sai da kika ba da aikin aji ne, kafin nan suna zaune suna kallonki har suna amsawa. Yaron da aka ba aikin da bai san ta inda zai kama ba neman biro zai fara, ko ya tsokani na kusa da shi. Auwal yana da gaskiya a kan ƙofa da barin ihu, amma da kin sa ajin ya yi tsit kamar maƙabarta 2/7 ɗin nan dai za su rubuta miki, cikin natsuwa.

Yanzu ki dubi 43 ɗin nan. Ba shirme suka rubuta ba, doka suke bi, sun haɗa na sama da na sama 1 da 1 ya ba su 2, na ƙasa da na ƙasa 4 da 3 ya ba su 7. Shekara huɗu ana koya musu in ka ga lamba biyu da alamar haɗawa a tsakani ka haɗa, shi suka yi. A wurinsu 1/4 lambobi biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya, ba su ɗauke shi adadin abu guda ba. Ki buɗe littattafan ki duba tambaya ta biyu, ina kyautata zaton nan ma 2/7 suka rubuta, don 2 da 5 ma 7 ne. Tambaya biyu daban, ɗaya amsarta 7/12 ɗaya 7/10, amsa ɗaya ta fito musu kuma ba wanda abin ya dama.

Su kuma 9 ɗin da suka rubuta 2/12 sun saurare ki, sun nemo 12 daidai, sai suka canza ƙasa suka bar sama yadda take. Waɗannan ba su san dalilin da ya sa 1/4 ya zama 3/12 ba. Shi ya sa zan tambaye ki, me kika rubuta a gurbin abin da yara suka riga suka sani a lesin filan ɗinki, kuma ta yaya kika tabbatar?

Rukayya: Malam na duba yanzu, wallahi haka ne, 2/7 ne a ta biyun ma, kusan dukansu. Ni ban ma lura ba don jan biro kawai nake ta yi raina a ɓace. A gurbin nan na rubuta cewa an koya musu firakshin masu daraja ɗaya, irin 1/2 da 2/4, don na gani a tsarin aikin zango cewa makon da ya wuce ke nan. Ban tambaye su komai a kai ba gaskiya, kwafa na yi daga tsarin na wuce.

Malam Garba: To nan ne darasin ya karye, tun kafin ki shiga aji. Tsarin aikin zango yana gaya miki abin da ya kamata a ce an yi ne. Ko an yi, ko an yi rabi aka tafi taro, ko an yi yara ba su kama ba, takarda ba za ta gaya miki ba. Gobe Laraba ki samu malamar ajin cikin ladabi ki tambaye ta inda suka tsaya, ki kuma ari littattafan yara uku, na gaba da na tsakiya da na baya, ki ga abin da ke ciki.

Alhamis kar ki taɓa LCM sam. Ki shiga ki rubuta 1/2 + 1/2 kawai, ki ce kowa ya rubuta amsa a littafinsa, ba a faɗa da baki. Ki zaga. Za ki ga 2/4 da yawa. Sai ki ce da Hausa, rabin burodi da rabin burodi in an haɗa me ke nan? Ba yaron da zai kasa cewa burodi guda. Ki ce to 2/4 burodi guda ne? Ki bar su su yi gardama a tsakaninsu minti biyu, wannan surutun mai amfani ne. Dokarsu ce take karyewa a gabansu, kuma sai ta karye sannan taki za ta samu wurin zama.

Daga nan ki fito da marafan lemo, ki sa yara su tsinto miki tun gobe, kowane benci a ba su 12. Ki ce wannan tarin kuɗin mutum ɗaya ne. Ku fitar da kashi ɗaya cikin uku, za su raba gida uku su ga 4. A mayar. Ku fitar da kwata, 3. To in ya ba ƙaninsa kashi ɗaya cikin uku ya ba ƙanwarsa kwata, marafai nawa suka fita? 7. Cikin nawa? 12. Sai a lokacin ki rubuta 4/12 + 3/12 = 7/12 a ƙarƙashin 1/3 + 1/4, su ga daga inda 4 da 3 suka fito.

Amma ki kiyaye abu ɗaya, na ga malamai sun faɗa ramin nan. Kar ki yi tari biyu, wato marafai 3 a nan a ɗau ɗaya, marafai 4 a can a ɗau ɗaya. In kika yi haka yaro zai ga 2 cikin 7 da idonsa, kin tabbatar masa da kuskurensa da hannunki. Tari ɗaya ne, daga cikinsa ake cire duka biyun. Kuma ki duba kwalinki, in da'irar da kika raba uku ta fi wadda kika raba biyu girma to shi ma yana koyar da ƙarya.

Rukayya: Innalillahi, Malam ba girmansu ɗaya ba, ɗaya da murfin tukunya na zana ɗaya da faranti.

Anti Binta: Ni abin da ban ji an taɓo sosai ba shi ne da wane harshe kika yi darasin? Don ni lokacin da na yi nawa a wata makarantar ƙauye, aji 4, na yi minti talatin ina zuba Turanci saboda an ce sufabaiza na rage maki in ka yi Hausa, yaran nan suna ta gyaɗa kai, da na gama wata yarinya ta biyo ni waje ta ce malama yaushe za mu fara karatun. Har yau ban manta fuskarta ba. Tsarin da muka karanta a kwaleji cewa ya yi harshen gida a aji 1 zuwa 3, Turanci daga aji 4, amma kowa ya san yaron aji 5 a yawancin makarantunmu na gwamnati bai kai ya ɗauki sabon abu da Turanci zalla ba. Kuma yaran nan fa sun san rabi sun san kwata, ana aikensu awo kullum, rabin kwano, kwatan kwalbar mai. Waɗanda suka yi nisa a Islamiyya ma wataƙila sun taɓa jin sulusi da rubu'i da sumuni a maganar gado. Ni a ganina da Hausa kika yi da rabin matsalar nan babu ita.

Rukayya: Anti Turanci na yi daga farko har ƙarshe, sai da surutu ya yi yawa ne na koma Hausa ina faɗa.

Auwal: Anti Binta ki yi haƙuri amma a nan ban yarda ba. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yi, littafinsu da Turanci yake, in ta saba musu da Hausa ranar jarrabawa wa zai fassara musu? Kuma sufabaizan da ya zo min bara ƙarara ya rubuta min a takarda cewa na cika Hausa. Ita maki take nema yanzu, in ta samu aikinta ta yi yadda take so.

Anti Binta: Auwal yaran 74 kuma su jira sai ta samu aiki? Zango guda fa za ta yi da su. Ni ban ce ta watsar da Turanci ba, ta yi bayani da Hausa, ta rubuta a allo da Turanci, ta sa su maimaita kalmomin. Sufabaizoji ma ba ɗaya suke ba, nawa da na koma haɗawa bai ce komai ba sai ma ya yaba da yadda yara ke amsawa.

Malam Garba: Binta ina tare da ke a kan a yi bayanin da Hausa, amma ban yarda rabin matsalar zai tafi ba. Na koyar da darasin nan da Hausa tsantsa na kuma samu 2/7. Wannan kuskuren yaran da aka haifa cikin Turanci ma suna yin sa. Harshe zai buɗe musu kunne, ba zai cire dokar da ke kansu ba. Maganar sufabaiza kuma Rukayya ki tambayi naki kai tsaye kafin ya zo, ya fi zato.

Hassana: Ƙawata ni kan rubutun kansa zan yi magana tunda shi za a duba mana. Malaminmu ya ce a bi tsarin Gibbs na 1988 mai matakai shida, kuma naki ya tsaya a na biyu, kin faɗi abin da ya faru da yadda kika ji, babu sauran, musamman abin da za ki yi nan gaba. Sannan ni ina ganin ki cire maganar kuka da anya koyarwa ta dace da ni, kar a karanta a ga kamar ba ki da ƙwarin gwiwa.

Malam Garba: Hassana rabin maganarki na karɓa. Lallai ta ƙara abin da za ta yi Alhamis. Amma kar ta cire yadda ta ji, littafinta ne, kuma jin nan yana da aiki. Rukayya ke da kanki kin rubuta cewa da yarinyar gaba ta amsa hankalinki ya kwanta. Wannan layin ya fi komai tsada a rubutun. Tsoro ya sa kina neman wanda zai ce miki komai lafiya, sai kika karɓi eh malama sau biyu da amsar yarinya ɗaya a matsayin shaidar yara 74. Eh malama gaisuwa ce, tun aji 1 aka koya musu ita. Ki rubuta wannan a littafin da kalmominki. Kuma in kin yi tambaya ki ƙirga uku ko biyar a zuci kafin ki zaɓi mai amsa, wata mai bincike Mary Budd Rowe ta auna tun shekarun 1970 ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira, in aka kai uku yaran da ke amsawa suna ƙaruwa. Abin da zan ce ki goge ɗaya ne, hukuncin da kika yanke wa kanki a layin ƙarshe, don ba abin da ke cikin littattafai 61 ɗin nan da ya nuna shi.

Nafi'u: Ashe ban karanta da kyau ba, afuwan. Amma marafai 12 a kowane benci, in benci 20 ne marafai 240 ke nan fa, ina za ta samu a kwana ɗaya?

Anti Binta: Tsakuwa ma ta yi, ko ƙwallon dabino. Ka ce wa 'yan aji 5 kowa ya zo da biyar ka ga ikon Allah.

Rukayya: Assalamu alaikum, na dawo da labarin Alhamis. Laraba na tambayi malamar ajin, ta ce makon da ya wuce sau ɗaya kawai suka yi lissafin nan saboda ba ta da lafiya, misali biyu ne a littafin yara. Yau na tsaya bakin ƙofa kamar yadda Yaya Auwal ya ce, cikin minti 3 suka gama zama maimakon 6. Na ba da 1/2 + 1/2, na zaga na ga 2/4 a mafi yawan benci, da na kawo maganar burodi wani yaro a can baya ya miƙe ya ce malama ai 2/4 ɗin ma rabi ne, an cuce mu, ajin ya ɗauka da musu kuma na bar su. Rabon marafai ya ci min lokaci sosai, kusan minti 7, wasu benci suka fara wasan cafke da su sai da na karɓe na benci biyu. Mun yi 1/3 + 1/4 tare, Hausa nake bayani ina rubuta Turanci a allo. A ƙarshe tambaya ɗaya na bayar, 1/2 + 1/3 da marafai 12 ɗin. Littafi 66 na karɓa. Yara 21 sun rubuta 10/12, yara 17 sun rubuta 10 kawai ba ƙasa, 22 har yanzu 2/5, sauran ba su rubuta komai ba. Yarinyar gaban nan ta rubuta 5/6 tana cikin waɗanda na ƙirga da 21, ta ce ta tuna na Talata.

Abin da ya ɗaure min kai masu 10 ɗin nan, in ba su maki ko in hana? Kuma tsarin aikin zango ya ce mako mai zuwa a shiga ɗebewa, ni kuma ko LCM ban koma ba.

Auwal: Ki hana mana, 10 ai ba amsa ba ce. Kuma ki bi tsarin, sufabaiza da shi zai auna ki.

Malam Garba: Kar ki ja musu kuros, ki rubuta a gefe: 10 cikin nawa? ki mayar musu su cika da kansu. Sun ƙirga daidai, tarin suka manta. Masu 2/5 kuma ki duba min ko a benci ɗaya suke zaune, musamman biyun da kika karɓe wa marafai, don in haka ne ba yara 22 ne suka yi kuskuren ba, wataƙila biyar ne sauran suka kwafa. Maganar mako mai zuwa ba ke kaɗai za ki yanke ba, ajin malamar ne, ki kai mata littattafan ta gani da idonta sannan ki roƙi firiyod biyu kafin a shiga ɗebewa.

Rukayya: To Malam, ban rubuta wurin zamansu ba amma na san fuskokin benci biyun, gobe zan duba sunayensu a littattafan kafin in je wurinta.